Yadda Ake Gano Abin da Ke Faruwa a Wayar Wanda Aka Tura wa Saƙo Bayan An Goge Shi a WhatsApp

A shagon gyaran waya da nake aiki, da wuya mako ya wuce ba a zo mini da wannan tambayar ba: mutum ya yi kuskuren tura saƙo ko hoto inda bai yi niyya ba, ya danna `Delete for everyone`, sannan hankalinsa ya ƙi kwanciya, yana son sanin ko abin ya tafi ke nan ko kuwa yana nan a wayar wancan. Amsar da nake bayarwa ita ce, wayarka ba ta da hannun da za ta zura cikin wayar wani. Abin da take yi shi ne ta aika saƙo na biyu, wanda ba a ganinsa a fuskar hira, ɗauke da lambar shaidar saƙon farko da umarnin a cire shi. Manhajar da ke wayar mai karɓa ce ke aiwatar da umarnin, idan ya iso gare ta, kuma iyakar inda ikonta ya kai nan kawai take sharewa. Na lura bayanin baki ba ya shiga mutane kamar su gani da idonsu, shi ya sa nake sa su yi gwajin da ke ƙasa, wanda ba ya cin fiye da rabin awa.

Kayan da ake buƙata

Wayoyi biyu, kowace da lambarta da WhatsApp na asali wanda aka sabunta kwanan nan. Za mu kira ɗaya wayar mai turawa, ɗayar kuma wayar mai karɓa. An fi son wayar mai karɓa ta kasance Android 11 ko wadda ta fi ta sabunta, domin daga nan ne aka fara saka ma'ajiyar tarihin sanarwa da za mu duba a mataki na 3. Idan akwai iPhone a kusa, a aro ta don mataki na 4, saboda yadda take riƙe hoto ya bambanta. Sai ɗan data a wayoyin biyu, da hoto guda wanda ba shi da wani sirri, misali hoton kofin shayi, da takarda da biro don rubuta abin da aka gani da lokacin da aka gan shi.

Wanda ba shi da waya ta biyu yana iya zama da ɗan'uwa ko aboki su yi gwajin tare, amma su zauna wuri ɗaya, kowa na ganin fuskar wayar ɗan'uwansa. Kada a yi gwajin da WhatsApp Web ko kwamfutar da aka haɗa da lambar mai turawa, domin wannan duk ɓangare ɗaya ne, ba zai nuna abin da mai karɓa ke gani ba. Sunayen maɓallan da zan ambata na wayar da aka saita da Turanci ne, kamar yadda akasarin wayoyin da ke hannun mutanenmu suke.

Mataki na 1: Gogewa yayin da wayoyin biyu ke kan layi

Ka buɗe hirar a wayoyin biyu, ka ajiye su gefe da gefe. Daga wayar mai turawa ka rubuta "gwaji na ɗaya" ka aika, ka jira maki biyu su fito. Maki ɗaya na nufin saƙon ya bar wayarka ya isa na'urorin kamfanin, maki biyu na nufin ya sauka a wayar mai karɓa, idan kuma suka koma shuɗaye to an buɗe hirar an gani. Yanzu ka danne saƙon har ya zaɓu, ka taɓa alamar kwandon shara, ka zaɓi `Delete for everyone`.

Cikin daƙiƙa kaɗan rubutun zai ɓace a ɓangarorin biyu, amma gurbinsa ba ya ɓacewa. A wayarka za ka ga `You deleted this message`, a tasa kuma `This message was deleted`, tare da lokacin da aka aiko saƙon tun farko. Ke nan ko da komai ya tafi daidai, mai karɓa zai san ka aiko wani abu ka janye, kuma ba ka da yadda za ka cire wannan gurbin daga wayarsa, shi kaɗai ke iya share shi. A nan Telegram ya bambanta, domin shi yana ɗauke saƙon gaba ɗaya ba tare da barin alama ba, kuma masu amfani da manhajojin biyu kan rikita su.

Kuskuren da aka fi yi a wannan matakin shi ne danna `Delete for me` cikin gaggawa. Wannan yana cire saƙon daga wayarka kaɗai, ya bar shi a wayar wancan, kuma ya raba ka da abin da za ka danne don gogewa ga kowa. Tun ƙarshen 2022 akwai maɓallin `Undo` da ke fitowa a ƙasan fuska na tsawon daƙiƙa 5 kacal. Ka gwada shi yanzu sau ɗaya ko biyu, don yatsanka ya san inda yake tun kafin ranar da hannu zai riƙa rawa.

Mataki na 2: Gogewa yayin da mai karɓa ba ya kan layi

Wannan matakin ne ke fito da gaskiyar al'amarin, kuma kashi biyu ne. A kashi na farko, ka saka wayar mai karɓa a `Airplane mode` ka tabbatar Wi-Fi ma a kashe yake, sannan ka aika "gwaji na biyu". Zai tsaya a maki ɗaya. Ka goge shi ga kowa, ka dakata minti ɗaya, sannan ka mayar da wayar kan layi. Saƙon da umarnin gogewar suna jere a na'urorin kamfanin suna jira, sai su sauka kusan tare, abin da zai rage a hirar kuma shi ne gurbin nan kawai. Wannan shi ne yanayi mafi sauƙi ga mai turawa: a hirar mutum biyu, in ka goge saƙo yana kan maki ɗaya, galibi babu wanda ya karanta shi.

A kashi na biyu sai a juya tsarin. Ka aika "gwaji na uku" wayoyin suna kan layi, ka jira maki biyu, daga nan ka saka wayar mai karɓa a `Airplane mode`, sannan ka goge. Dubi fuskokin biyu. Wayarka tana cewa ka goge saƙon, alhali a ɗayar yana nan zaune daram, ana iya karanta shi, a kwafe shi, a ɗauki hoton fuskar waya, a nuna wa na kusa. Haka zai ci gaba da zama, ko awa ɗaya ce ko kwana ɗaya, har sai wayar ta sake hawa layi umarnin ya iso. A wurinmu da mutum kan kunna data na ɗan lokaci ya sauke saƙonni ya kashe, sannan ya zauna karantawa a nutse don kada kuɗinsa ya ƙare, wannan ba baƙon yanayi ba ne ko kaɗan.

Abin lura kuma shi ne WhatsApp ba ya sanar da mai turawa ko gogewar ta yi nasara ko ba ta yi ba, kamfanin da kansa ya faɗi haka a shafinsa na taimako. Rubutun `You deleted this message` shaida ce kawai ta abin da ya faru a wayarka. Haka nan idan wayarka ce ba ta da sabis lokacin da ka danna gogewa, umarnin bai fita ba tukuna, don haka ka tabbatar kana kan layi kafin ka ajiye wayar.

Mataki na 3: Duba tarihin sanarwa

Sanarwar da ke saukowa daga saman fuskar waya ba a cikin WhatsApp take zaune ba. Manhajar tana miƙa rubutun ga tsarin wayar ne don ya nuna shi, kuma da zarar ta miƙa, tsarin na iya ajiye kwafinsa. A wayar mai karɓa ka shiga `Settings`, sai `Notifications`, ka nemi `Notification history` ka kunna. A Samsung yana ƙarƙashin `Advanced settings`. A Tecno da Infinix da itel wurin yakan sauya daga wata waya zuwa wata, don haka abin da ya fi sauƙi shi ne ka rubuta sunan a akwatin bincike na `Settings`. Yana zuwa ne a kashe, kuma ba ya nuna abin da ya shigo kafin a kunna shi.

Ka fita daga WhatsApp a wayar mai karɓa, ka aiko "gwaji na huɗu", ka bari sanarwar ta fito, sannan ka goge ga kowa. A saman fuska rubutun zai ɓace ko ya koma sanarwar cewa an goge saƙo, amma idan ka buɗe tarihin za ka tarar da kalmomin farko yadda aka aiko su. Wayar tana riƙe su na awa 24. Iyakar wannan hanyar ita ce rubutu take ajiyewa: hoto ko bidiyo ko saƙon murya sai dai ta nuna cewa an turo, dogon saƙo kuma yana iya yankewa. Idan hirar a buɗe take lokacin da saƙon ya shigo, babu sanarwar da za a ajiye, kuma iPhone ba ta da irin wannan ma'ajiyar.

Idan wayar gwajin ta girmi Android 11, ka tsallake matakin. Akwai manhajojin da ake saukewa masu tara sanarwa, amma ba na ba kowa shawarar saka su, domin izinin da ake ba su yana buɗe musu duk wata sanarwa da ta shigo wayar, har da lambobin sirri da banki ke aikowa. Ya isa ka san cewa suna nan, kuma mai yiwuwa wanda ka tura wa saƙo yana da su.

Mataki na 4: Bin sawun hoto

A nan ne mutane suka fi samun labarin da ba su so. Ka aika hoton kofin shayin, ka bari ya sauka, sannan a wayar Android ka buɗe manhajar fayiloli ka bi wannan hanyar:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media/WhatsApp Images
```

A tsofaffin wayoyi foldar `WhatsApp` tana waje ne kai tsaye a babbar ma'ajiya. Za ka ga hoton a ciki. Ka goge shi ga kowa daga wayar mai turawa, ka sake duba foldar: fayil ɗin ya tafi, kuma zai ɓace daga galari, domin foldar ta manhajar ce, tana da ikon share abin da ke cikinta. Sake gwajin, amma wannan karon ka kwafe hoton zuwa wata folda, ko ka ɗan yanke gefensa ka adana, kafin a goge. Kwafin zai tsaya, saboda manhajar ba ta ma san da shi ba. Haka abin yake idan mai wayar ya saita Google Photos ya riƙa ɗora foldar hotunan WhatsApp zuwa asusunsa, kuma ɗorawar ta kammala kafin umarnin ya iso.

A iPhone kuwa, akwai saiti a `Settings` na WhatsApp, ƙarƙashin `Chats`, mai suna `Save to Photos`, wanda a da ake kira `Save to Camera Roll`. Idan yana kunne, duk hoton da ya sauka ana yi masa kwafi a manhajar Photos, wadda ke wajen ikon WhatsApp. Ka goge, hoton zai ɓace daga hirar, amma yana nan a Photos ba tare da mai wayar ya taɓa komai ba. Sauƙin da ake samu ɗaya ne: idan mai karɓa ya kashe saukar da hotuna kai tsaye don tattalin data, kuma bai danna hoton ba, abin da ya gani dishi-dishi ne kawai, kuma bayan gogewa ba zai iya sauke shi ba.

Mataki na 5: Amsa da turawa gaba

Wannan gajere ne. Ka aika saƙo, daga wayar mai karɓa ka ja shi gefe ka ba da amsa a kansa, sannan ka tura shi zuwa wata hira, bayan haka a goge na asalin. A duk lokutan da na gwada, guntun rubutun da aka ɗauko a saman amsar yana tsayawa, domin ya zama wani ɓangare na saƙon mai amsawa, ba naka ba. Wanda aka tura gaba kuma sabon saƙo ne mai lambar shaidarsa daban, umarninka bai shafe shi ba.

Abubuwa biyu da ban ce a gwada ba

Na farko shi ne ajiyar hirarraki. WhatsApp a Android yana yin ajiya a cikin wayar kullum da misalin ƙarfe 2 na dare, kuma yana ɗorawa Google Drive gwargwadon yadda mai wayar ya saita, a iPhone kuma iCloud. Idan ka tura saƙo da daddare ba ka goge ba sai da safe, mai yiwuwa ya shiga ajiyar daren, kuma wanda ya dawo da hirarrakinsa daga wannan ajiyar zai iya ganinsa. Dawo da ajiya yana buƙatar cire manhajar a sake saka ta, kuma saƙonnin da suka shigo bayan ajiyar na iya salwanta, shi ya sa bai cancanci a yi shi don gwaji ba.

Na biyu shi ne manhajojin da aka sauya wa tsari irin su GBWhatsApp, waɗanda suka yaɗu a hannun matasa. Suna karɓar umarnin gogewar su yi biris da shi, saƙon ya ci gaba da zama. Daga ɓangarenka ba za ka ga wani bambanci ba. Kada ka saka su don ka tabbatar, domin sun saɓa ƙa'idar kamfanin, ana iya rufe lambar da ke amfani da su, kuma babu wanda zai ba ka tabbacin inda hirarrakinka ke zuwa.

Mataki na 6: Abin yi ranar da kuskuren ya faru da gaske

Da farko ka kalli makin, domin shi ne ke gaya maka a wane hali kake daga cikin waɗanda muka gwada. Idan a guruf ne, ka danne saƙon ka shiga `Info`, inda za ka ga jerin `Read by` da `Delivered to`, ka ɗauki hoton fuskar nan take. Wannan daƙiƙa goma ne, kuma da zarar ka goge, jerin ya tafi tare da saƙon. A hirar mutum biyu rashin shuɗin maki ba hujja ba ce, tunda ana iya kashe shi ko a karanta daga sanarwa, amma a guruf ba a iya kashe shaidar karantawa. Daga nan ka goge, ka karanta maɓallin da kyau kafin ka danna.

Lokacin da aka ba ka yana da iyaka. Sa'ilin da aka fito da wannan damar a 2017 minti 7 ne, a 2018 aka ƙara zuwa awa ɗaya da 'yan mintoci, a watan Agustan 2022 kuma aka kai shi kwana biyu da ɗoriya. Bayan haka zaɓin `Delete for everyone` ba ya fitowa. Idan kuskuren rubutu ne kawai, `Edit` ya fi dacewa, ana iya gyara saƙo cikin minti 15, sai dai za a rubuta `Edited` a gefensa. Idan kuma ka riga ka yi `Delete for me` a guruf har `Undo` ya wuce ka, ka kira admin, domin yana da ikon goge saƙon kowa, kuma gurbin zai nuna cewa admin ne ya goge.

Ga yadda abin ya kasance da wata Hajiya mai sayar da atamfa da ta zo mini da sassafe. Ƙaninta ta yi niyyar tura wa hoton katinta na banki, gaba da baya, don ya biya mata kuɗin wani kaya, sai hoton ya faɗa guruf ɗin abokan cinikinta mai mutum arba'in da wani abu. Ta tura da ƙarfe 9:42 na dare, ba ta ankara ba sai 9:50 da wata ta rubuto a kan hoton tana tambayar ko sabon asusun da za a riƙa biya ke nan. Nan take ta goge. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Ɗana, duba mini, ai ya fita daga wayoyinsu ko?"

Na ce, "Hajiya, daga cikin hirar ya fita ga duk wadda wayarta ta hau layi tun jiya, amma bari mu lissafa sauran." Ba ta duba `Info` ba kafin ta goge, don haka ba mu san mutum nawa suka buɗe ba. Abin da muka sani shi ne aƙalla mutum ɗaya ta gani, tunda ta ba da amsa, kuma da muka gangara ƙasa, ɗan ƙaramin hoton katin yana nan liƙe a saman amsar tata. Minti takwas, dab da ƙarfe goma na dare, lokacin da kowa ke riƙe da waya, sun ishi hoton ya sauka a wayoyi da yawa, kuma ta tabbatar mini da cewa wasu daga cikin matan iPhone suke riƙewa. Ajiyar ƙarfe 2 ba ta dame mu sosai ba, tunda an goge tun kafin lokacin, sai dai ga wadda ta sauke hoton ta kashe data ta kwanta.

Hajiya ce admin ɗin guruf ɗin, sai muka goge amsar matar ga kowa, wanda hakan ya ɗauke ɗan ƙaramin hoton. Na hana ta rubuta dogon bayani a guruf, domin babu abin da zai yi sai tura waɗanda ba su lura ba su je su duba galarinsu. Game da katin kuwa na gaya mata kai tsaye cewa lambobin gaba da ranar ƙarewa da lambobi uku na baya sun isa a yi sayayya da su a wasu shafukan, kuma babu wani maɓalli a WhatsApp da zai dawo da su. A nan shagon ta buɗe manhajar bankinta ta dakatar da katin, ta duba ta ga ba a cire ko sisi ba, sannan ta tsayar da mai adaidaita sahu ta wuce reshen bankin don a ba ta sabo.